Yadda Za Ka Faɗa wa Manajanka Aiki Ya Yi Maka Yawa, Ka Nemi Ɗage Wa'adi, Ba Tare da An Ɗauke Ka Rago Ba

Ma'aikata da yawa sun gwammace su kwana a ofis, ko su kai aiki rabi da rabi, da su buɗe baki su ce wa manaja kaya sun yi nauyi. Dalilin a fili yake, domin mun taso a kan cewa idan babba ya ba ka aiki sai ka ce "to", kuma kunya da gudun a ce mutum yana da son jiki sukan rufe bakin mai gaskiya. Sai dai abin da na gani a shekarun da na yi a ofishin lissafin kuɗi shi ne, manaja ba ya yanke wa mutum hukuncin ragwanci don kawai ya nemi ƙarin lokaci. Abu biyu yake dubawa: yaushe ka zo masa da maganar, kuma me ka riƙo a hannu da ka zo. Wanda ya zo ranar da wa'adi ya cika yana cewa aiki ya yi yawa, da wanda ya zo kwana huɗu kafin nan da lissafin sa'o'i da shawarar mafita, roƙonsu ɗaya ne, amma kallon da za a yi musu ba ɗaya ba ne.

Zan bi matakan ne da misali guda daga farko har ƙarshe, wato na wani akanta a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, wanda abokiyar aikinsa ta tafi hutun haihuwa, aikin mutum biyu ya dawo kansa, ga shi kuma makon farkon wata ya kama. Misali ne na ƙaga shi don bayani, amma ire-iren ayyukan da wa'adodin hukuma da ke ciki na gaske ne.

Mataki na farko: mayar da gajiyarka lissafi

Kafin ka nufi ofishin kowa, ka zauna kai kaɗai da takarda da biro na tsawon rabin awa. Kalmar "aiki ya yi mini yawa" ba ta da ma'auni, kuma duk manajan da ya ji ta yana da amsarta a shirye, wato kowa ma aiki ya yi masa yawa. Abin da ba shi da amsa a shirye shi ne lissafi, saboda haka aikinka na farko shi ne ka rubuta kowane aiki da ke wuyanka, ranar da ake jiransa, wanda yake jiransa, da sa'o'in da zai ci.

Akantanmu ya yi wannan da safiyar Litinin, 3 ga wata. Ya sami ayyuka shida. Shirya jadawalin harajin albashin ma'aikata da biyansa zai ci sa'a 5. Jadawalin kuɗin fansho zai ci sa'a 4. Daidaita littafin kamfani da bayanan banki na asusu uku zai ci sa'a 10. Rahoton wata da ake kai wa shugabannin kamfani, wanda ake jira ranar Juma'a 7 ga wata, zai ci sa'a 8. Tattara takardun da masu binciken kuɗi suka nema, waɗanda manaja ya yi musu alkawarin ranar Alhamis 6 ga wata, zai ci sa'a 12. Sai kuma ƙirgar kaya a sito ranar Laraba, wadda za ta ci sa'a 7 idan aka haɗa da zuwa da dawowa. Jimla sa'a 46 ke nan.

A wajen kimanta sa'o'in nan mutane suka fi yin kuskure, kuma kuskuren yakan karkata ne wajen ragewa. Mutum yakan rubuta lokacin da aikin zai ci idan komai ya tafi daidai, alhali komai ba ya tafiya daidai: wuta takan ɗauke, shafin biyan haraji yakan ƙi buɗewa, banki yakan jinkirta turo bayanin asusu. Hanyar da ta fi inganci ita ce ka tuna nawa aikin ya ci a watan jiya da wanda ya gabace shi, ka rubuta wannan. Idan daidaita asusu uku ya ci maka kwana ɗaya da rabi a watan da ya wuce, kada ka rubuta sa'a 5 don ka burge kanka. Haka kuma kada ka kumbura adadin don ka ƙarfafa hujjarka, domin manajan da ya taɓa zama a kujerarka ya san tsawon kowane aiki, kuma da zarar ya kama adadi ɗaya da aka yi wa ƙari, sauran lissafin duka ya zube a idonsa.

Bayan haka sai ka lissafa ɗaya ɓangaren, wato sa'o'in da kake da su a zahiri. A takarda mako yana da sa'a 40, amma ba duka ne naka ba. Akantan ya cire sa'a 2 na taron safiyar Litinin, ya cire sa'a 2 na zuwa masallacin Juma'a da dawowa, sannan ya cire kimanin sa'a 8 na hidimar yau da kullum da ba ta tsayawa, kamar rubuta baucar biyan kuɗi, amsa wa direbobi da masu kawo kaya, da sallamar ƙananan buƙatu. Abin da ya rage sa'a 28 ne. Aikin sa'a 46 a cikin sa'a 28 yana nufin giɓin sa'a 18, kuma wannan adadin shi ne maganar da zai kai wa manaja. Ko da zai ƙara awa biyu kowace yamma har kwana biyar, sa'a 10 kawai zai samu, giɓin bai rufe ba.

Wani lokaci wannan lissafin yakan nuna maka abin da ba ka zata ba. Idan ka tarar giɓin sa'a biyu ne ko uku, to matsalar ta tsarin lokacinka ce, ka gyara da kanka, kada ka ɓata damar da za ka buƙata wata rana.

Mataki na biyu: ware wa'adin da ke motsi daga wanda ba ya motsi

Wannan shi ne matakin da ya fi bambanta ƙwararre da mai ƙorafi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Ba kowane wa'adi ne yake hannun manajanka ba. Idan ka roƙe shi ya ɗage abin da doka ta kafa, ka nuna masa ba ka san aikinka ba, kuma ka sa shi ya fara da "a'a", wadda da wuya ta koma "to" a zama ɗaya.

A Najeriya, harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata ana miƙa shi ga hukumar tara haraji ta jiha zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Kuɗin fansho kuwa, Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya tura su cikin kwanakin aiki bakwai daga ranar da ya biya albashi, kuma ta tanadi tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na abin da ba a tura ba a kowane wata. Tunda kamfanin akantanmu ya biya albashi ranar Juma'ar da ta gabata, kwana na bakwai ya faɗo ranar Talata 11 ga wata. Waɗannan biyun ba abin tattaunawa ba ne, kuma mai hankali ba ya barin su sai ranar ƙarshe, don haka ya sa su a cikin wannan makon. Akwai kuma harajin kayan masarufi, wato VAT, da ake shigar da bayanansa zuwa 21 ga wata, wanda bai shiga lissafin makon ba, amma ya kafa iyaka: duk abin da za a ɗage, kada ya wuce tsakiyar wata, in ba haka ba zai je ya yi karo da wancan.

Sauran ayyukan kashi biyu ne. Akwai waɗanda aka yi wa mutanen waje alkawari, kamar takardun masu binciken kuɗi, waɗanda za a iya ɗagewa amma sai manaja ya ɗauki waya ya nemi alfarma, kuma hakan yana taɓa mutuncinsa. Akwai kuma na cikin gida, kamar rahoton wata da ƙirgar sito, waɗanda sau da yawa al'ada ce kawai ta sa musu rana. A nan ya kamata ka yi ɗan bincike kafin ka shiga. Me ya sa ake son rahoton ranar Juma'a? Idan shugabanni za su zauna a kansa ranar Litinin ne, to wa'adin yana da nauyi. Idan kuwa zamansu sai tsakiyar wata, to akwai sarari. Sakataren ofis ko wani tsohon ma'aikaci yakan san amsar, kuma tambaya ɗaya ta isa.

Ka kuma lura da ayyukan da suka rataya a kan juna. Rahoton wata ba ya yiwuwa sai an gama daidaita asusun banki, domin alƙaluman rahoton daga can suke fitowa. Saboda haka duk wanda yake son rahoton ranar Juma'a, sa'a 18 yake nema, ko da shi a ransa sa'a 8 yake gani. Manajoji da yawa sun manta da irin wannan sarƙar, kuma nuna musu ita yakan warware rabin gardamar.

Mataki na uku: shirya zaɓi biyu, ka kuma san wanda ka fi so

Kada ka kai wa manaja matsala tsirara ka ajiye masa a tebur. Idan ka yi haka ka ƙara masa aiki, kuma hanya mafi sauƙi a gare shi ita ce ya mayar maka da ita da kalmar "ka dai yi ƙoƙari". Ka je da hanyoyi biyu da ka riga ka auna, kowace da abin da za a samu da abin da za a jinkirta.

Zaɓin farko na akantan shi ne ya gama harajin albashi, fansho, daidaita asusu da rahoton wata a wannan makon, wanda ya kama sa'a 27, sannan ya yi amfani da awa ɗayan da ta rage ya miƙa wa masu bincike takardun da suke a shirye ranar Alhamis, sauran kuma ranar Laraba 12 ga wata. Zaɓi na biyu shi ne ya fifita masu bincike, ya cika musu komai ranar Alhamis, ya gama haraji da fansho, ya fara daidaita asusu, rahoton wata kuma ya koma Alhamis 13 ga wata. A duka biyun ƙirgar sito ba ta da wuri, don haka ya ba da shawarar ko dai ƙaramin ma'aikacin sashen ya je tare da mai kula da sito, shi kuma ya duba takardar ƙirgar bayan sun dawo, ko a mayar da ita Juma'a 14 ga wata.

Akwai abin lura game da sabuwar ranar da za ka ambata. Da lissafi kawai, akantan zai iya gama takardun masu bincike da yammacin Talata 11 ga wata, amma ya ce Laraba. Wannan kwana ɗayan da ya ƙara shi ne garkuwarsa. Mutane da yawa, don jin nauyin roƙon da suke yi, sukan ambaci rana mafi kusa domin roƙon ya yi ƙanƙanta, sai kuma su kasa cikawa. A ganina babu abin da ke ɓata sunan ma'aikaci kamar saɓa wa'adin da shi da bakinsa ya zaɓa. Wa'adin farko wani ne ya ɗora maka, ana iya yi maka uzuri a kansa, na biyun kuwa alkawarinka ne. Ka nemi abin da zai ishe ka sau ɗaya, ya fi ka dawo sau biyu kana neman ƙari.

Mataki na huɗu: lokaci da wuri

Ka yi maganar da zarar lissafi ya nuna maka giɓi, tun manaja yana da abin da zai iya yi a kai. Ranar Litinin yana iya kiran masu bincike cikin mutunci, yana iya tura wani sito, yana iya sanar da shugabanni. Ranar Alhamis da la'asar babu abin da ya rage masa sai ba da haƙuri, kuma zai tuna wanda ya jefa shi cikin wannan halin. Ni kaina na taɓa yin shiru a kan wani rahoto har ranar da ake jiransa, ina fatan zan cim masa da aikin dare, kuma abin da shugabana na lokacin ya faɗa mini bai shafi jinkirin ba ko kaɗan. Tambayarsa ita ce me ya hana ni faɗa masa tun farkon mako, lokacin da yake da wanda zai ba ni ya taya ni.

Kada ka tayar da maganar a taron ma'aikata, domin a gaban jama'a manaja yana kare matsayinsa ne, kuma idan ya sassauta maka a nan ya buɗe ƙofa ga kowa. Kada kuma ka tare shi a bakin ƙofa yana sauri, ko a hanyar masallaci, ko daidai lokacin da ya fito daga wurin nasa shugaban. Ka nemi minti goma a keɓe, ka kuma faɗi dalilin tun a wajen neman, don kada ya zaci murabus ko rance ka zo nema. Gajeren saƙo ya wadatar: "Ranka ya daɗe, ina neman minti goma yau idan ka sami sarari, a kan jerin ayyukan wannan makon, akwai abin da nake so ka yanke mini hukunci a kai." Magana irin wannan ta fi kyau baki da baki. Saƙon waya yana da amfani wajen neman ganawa da wajen tabbatar da abin da aka yanke, amma roƙon kansa idan ya zo a rubuce ba tare da murya da fuska ba, yana da sauƙin karantuwa a matsayin ƙorafi.

Mataki na biyar: abin da za ka faɗa

Bayan gaisuwa, kada ka yi dogon share fage, kuma kada ka fara da ba da haƙuri, domin mai ba da haƙuri ya amsa laifi tun ba a tuhume shi ba. Ka fara da abin da za ka cika, sannan giɓin, sannan zaɓin, sannan ka miƙa masa hukunci. Ga yadda akantan ya tsara tasa:

"Ranka ya daɗe, na zauna na lissafa ayyukan da ke hannuna a wannan makon, ga su a takarda. Harajin albashi da kuɗin fansho zan gama su kafin Juma'a in sha Allahu, tunda su ba sa jira. Sai dai idan aka haɗa duka ayyukan shida sun kai sa'a 46, abin da nake da shi kuma bayan hidimar yau da kullum bai wuce sa'a 28 ba, tunda abokiyar aikina ta tafi hutun haihuwa, aikin mutum biyu ne yanzu a hannuna. Ba na so in amsa maka duka sannan ranar Alhamis in ba ka kunya a gaban masu bincike. Hanya biyu na gani. Ko dai in kammala rahoton wata ranar Juma'a, masu bincike su karɓi abin da ke shirye ranar Alhamis, sauran ranar Laraba mai zuwa, ko kuma in cika wa masu bincike ranar Alhamis, rahoton ya koma 13 ga wata. Ni na fi karkata ga ta farko, amma kai ka san abin da ya fi matsa wa kamfani. Wanne kake so in sa a gaba?"

Ka lura da abin da babu a cikin wannan maganar. Babu "na gaji", babu "ba zan iya ba", babu "ni kaɗai ake tara wa aiki", kuma babu sunan wani abokin aiki da ake ganin yana zaune ba ya komai. Da zarar ka kwatanta kanka da wani, zancen ya tashi daga ayyuka ya koma kan mutane, kuma manaja zai shiga kare yadda ya raba aiki. An ambaci tafiyar abokiyar aikin sau ɗaya, a matsayin dalili, ba tare da ɗora wa kowa laifi ba. Takardar da ke hannunka ma tana da nata aikin: idanunku biyu za su koma kanta, sai zaman ya zama na mutum biyu da ke duba matsala ɗaya.

Game da "in sha Allahu", ka faɗe ta tare da rana da adadi. Kowa ya san yadda wasu suke amfani da ita a ofis don kauce wa alkawari, har manajoji suka koyi jin ta a matsayin "wataƙila". Idan ta biyo bayan "ranar Laraba kafin azahar", ta koma ma'anarta ta asali.

Idan akwai larura ta gida ko ta lafiya da ta rage maka ƙarfi, kamar jinyar mahaifi ko rashin lafiyarka, ka faɗe ta a jimla ɗaya tare da tsawon lokacin da kake zaton za ta ɗauka, ba sai ka zayyana komai ba. Ɓoye ta gaba ɗaya yakan sa a fassara raguwar aikinka da sakaci. Bayan ka gama magana kuma, ka yi shiru ka bar shi ya duba takardar. Masu jin kunya sukan cike wannan shirun da janye roƙonsu, su ce "amma dai ba komai, zan gwada", sai duk shirin ya rushe a cikin daƙiƙa biyar.

Idan amsar ba ta zo da sauƙi ba

Amsar da aka fi ji ita ce, "Duka suna da muhimmanci, ka dai yi ƙoƙari." Kada ka yi gardama a kan muhimmancinsu, kuma kada ka ce "to" ka fita, domin wannan "to" ɗin alkawari ne da ka san ba za ka cika ba. Ka amince da maganarsa, sannan ka mayar da ita kan jeri: "Haka ne, ranka ya daɗe, kuma zan yi iyakar ƙoƙarina. Don kada in yi kuskuren zaɓi, idan lokaci ya ƙure, wanne kake so ya riga fita?" Kusan kowane manaja yana iya amsa wannan, domin ba ka nemi ya soke komai ba, jeri kawai ka nema, kuma jerin da ya bayar shi ne kariyarka.

Idan ya ce ka ƙara da dare ko ka zo ranar Asabar, ka auna kafin ka amsa. Karɓar wani ɓangare yana nuna kyakkyawar niyya, misali ka ce za ka zo Asabar ka yi sa'a biyar a kan takardun masu bincike, amma ka nuna cewa ko da hakan giɓin bai rufe ba. Ka kuma faɗi gaskiya game da haɗarin: jadawalin haraji da aka shirya da ƙarfe goma na dare shi ne wanda ake samun lambar ma'aikaci a layin wani, kuma gyaran irin wannan kuskuren bayan an biya yakan ci lokacin da ya fi wanda aka yi tattali.

Idan ya ce aikin bai kai sa'o'in da ka rubuta ba, kada ka ji haushi, domin wataƙila yana da gaskiya ta wata fuska. Ka tambaye shi yadda yake so a yi shi. Sau da yawa a nan ake gano cewa shafi biyu na alƙaluma yake buƙata, kai kuma kana shirin shafi goma sha biyu da zane-zane, ko kuma masu binciken samfurin rasit na wata uku suka nema, ba na shekara duka ba. Rage girman aiki hanya ce ta uku da ba a cika tunawa da ita ba, kuma takan fi ɗage rana sauƙi a wurin manaja, tunda ba sai ya nemi alfarmar kowa ba.

Akwai kuma halin da kai ne ka jawo jinkirin, wataƙila ka raina aikin ko ka bar shi ya kwana biyu. A nan ka faɗi hakan da bakinka a taƙaice, ka ce ka yi kuskuren kimanta lokacin, sannan ka wuce kai tsaye zuwa zaɓin. Kada ka lulluɓe sakacinka da yawan aiki, domin manaja yakan san ranar da ya ba ka aikin.

Abu ɗaya da nake hana mutane shi ne tsallake manaja zuwa wurin na sama da shi tun a karon farko. Ko ka sami abin da kake so a ranar, ka sayi gaba mai tsawo. Haka ma idan shugabanni biyu ne suke ba ka aiki, kada ka zama kai ne mai yanke wa ɗaya hukunci a kan ɗaya, ka nuna wa manajanka na kai tsaye buƙatun biyu, ka roƙe shi su daidaita a tsakaninsu.

Mataki na shida: rubuta abin da aka yanke, sannan ka cika

A misalinmu manajan ya zaɓi hanya ta farko, ya ce shi zai kira masu binciken, ya kuma amince ƙaramin ma'aikaci ya je sito. Kafin a tashi aiki a ranar, akantan ya tura masa imel mai layi huɗu: "Ranka ya daɗe, na gode da lokacin da ka ba ni. Kamar yadda ka umarta, haraji, fansho da rahoton wata za su fita zuwa Juma'a 7 ga wata. Masu bincike za su karɓi kashin farko ranar Alhamis 6 ga wata, sauran ranar Laraba 12 ga wata. Idan akwai abin da na fahimta ba daidai ba, a gyara mini." Amfanin wannan rubutun shi ne mantuwa ba ta da wurin shiga, kuma idan wata rana takardar tuhuma ta taso a kan jinkirin, akwai shaidar cewa da izini aka yi shi. Ka rubuta shi da harshen godiya da tabbatarwa, kada ya yi kama da mai tara hujjar shari'a. Ko da manajan ya ƙi ɗage komai, irin wannan saƙon yana da amfani, sai dai a nan za ka rubuta jerin da za ka bi da abin da kake hasashen zai iya makara.

Daga nan sai cikawa. Ranar Alhamis, bayan ya miƙa kashin farko, akantan ya sanar da manaja a layi ɗaya ba tare da an tambaye shi ba, haka kuma ranar Juma'a da rahoton ya fita. Waɗannan ƙananan sanarwar su ne suke hana manaja zaman zullumi, kuma su ne suke sa roƙo na gaba ya yi sauƙi. Idan kuma ka ga sabon wa'adin ma yana neman kuɓucewa saboda wani abu da ya faɗo, ka koma da wuri kamar yadda ka yi da farko, kada ka jira ranar.

Sai dai wannan hanyar tana da iyaka. An yi ta ne don makon da ya cushe, ba don ta zama abin yi kowane wata ba. Idan akantan ya sami kansa yana wannan zaman a wata na biyu da na uku, to matsalar ta wuce wa'adi, ta zama ta yawan ma'aikata ko ta rabon aiki, kuma ci gaba da neman ɗagewa zai fara kama da hali ko da lissafinsa daidai ne. A lokacin sai ya adana takardun lissafinsa na makonni huɗu ko shida, ya nemi zama na daban a lokacin da babu wani wa'adi a wuya, ya nuna cewa giɓin sa'a 15 zuwa 18 yana maimaituwa a kowane farkon wata, ya kuma kawo shawara mai ɗorewa: a ɗauko ma'aikacin wucin gadi har abokiyar aikinsa ta dawo, ko a mayar da ƙirgar sito hannun wani sashe, ko a matsar da ranar rahoton wata zuwa 12 ga wata dindindin, domin ta daina karo da haraji da fansho.